Yadda Ake Tantance Tallafin Karatu da Bizar Ƙasar Waje Kafin a Biya Ko Sisi

Shekaru da dama ke nan matasan unguwarmu suna kawo mini takardu in duba musu kafin su tura kuɗi. Wani ya zo da wasiƙar samun gurbin karatu, wani da takardar aiki a Kanada, wani kuma saƙo ne kawai a WhatsApp da aka ce ya yi nasarar samun tallafin karatu. Yawancinsu tambaya ɗaya suke yi: "Yaya, sun ce a biya kuɗin fom, in biya?" Ba na amsa musu da e ko a'a nan take, domin akwai kuɗin da ake biya na gaskiya a wannan harka, akwai kuma na damfara, kuma sunansu kan zo iri ɗaya. Abin da ke raba su shi ne wa ake biya, don me, kuma a wane mataki. Ana gane hakan ne ta hanyar bincike ta ƙofar da kai ka nemo da kanka, ba wadda mai tallar ya nuna maka ba.

Zan riƙa kawo misali da wani ƙanen abokina da ya zo mini bayan ya gama bautar ƙasa. An turo masa wasiƙa mai ɗauke da tambarin wata jami'a ta Birtaniya, an ce an ba shi cikakken tallafin digiri na biyu, da masauki da alawus na wata-wata. Ya riga ya biya naira 25,000 na fom. Yanzu kuma an ce ya kawo naira 380,000 na "tabbatar da gurbi da sarrafa biza" cikin kwana uku, mahaifiyarsa har ta sa shanunta biyu a kasuwa.

Kayan aiki

Kana buƙatar waya mai intanet. Idan da hali ka samu kwamfuta ko da ta shagon intanet ce, saboda a waya adireshin shafi da na imel sukan ɓuya, sai ka ga suna kawai. Ka tanadi littafi da biro, da adireshin imel naka na kanka wanda kai kaɗai ka san kalmar sirrinsa. Ka tattara duk abin da aka turo maka wuri guda: wasiƙa, saƙonni, lambar asusun da aka ce ka biya, lambar waya, rasit idan ka riga ka biya wani abu. Ka ɗauki hoton allon kowane saƙo tun yanzu, don masu wannan aiki sukan goge hira da zarar sun ji an fara tambaya.

Idan Turancinka ko Faransancinka bai kai ka karanta shafin gwamnati ba, nemi wanda zai zauna da kai, amma ya kasance mutumin da ba shi da ko kwabo a cikin cinikin. Wanda ya haɗa ka da dillalin ba shi ne zai taya ka binciken dillalin ba, ko da ɗan'uwanka ne, don wataƙila shi ma an yi masa alkawarin kaso.

Abin da za ka sani kafin ka fara

Kuɗin da ke cikin wannan harka iri uku ne. Na farko shi ne kuɗin neman tallafin kansa. Manyan shirye-shiryen gwamnatoci ba sa karɓar wannan: Chevening da Commonwealth na Birtaniya, Fulbright na Amurka, Türkiye Bursları na Turkiyya, Stipendium Hungaricum na Hungari, da PTDF na Najeriya, duk kyauta ake cike fom ɗinsu. Wanda ya ce ka biya kuɗin fom da sunan ɗaya daga cikinsu, ba daga gare su yake ba.

Na biyu shi ne kuɗin neman gurbi a jami'a. Wannan akwai shi. Jami'o'i da yawa a Amurka da Kanada suna karɓa. A Jamus, cibiyar uni-assist da ke duba takardun ɗaliban waje tana karɓar yuro 75 a kwas na farko da yuro 30 a kowane ƙari. Na uku kuma shi ne kuɗin biza, wanda gwamnatin ƙasar da za ka je take karɓa, kuma adadinsa a rubuce yake a shafinta.

Shi ya sa ba na yarda da masu cewa duk inda aka nemi kuɗi damfara ce. Na ga wanda ya rasa gurbi na gaskiya saboda ya riƙe wannan magana, ya ƙi biyan kuɗin da jami'a ta nema a shafinta.

Mataki na 1: Tambayi kanka ko ka nema

Zauna ka tuna. Yaushe ka cike fom? A wane shafi? Me suka nema daga gare ka? Tallafi na gaskiya yana da wahalar nema. Chevening, alal misali, yana buƙatar shekara biyu ta aiki, wato awa 2,800, da rubuce-rubuce game da kanka da manufarka, da mutum biyu da za su ba da shaida a kanka, da ganawa ta baki, kuma dole kai da kanka ka samo gurbi a jami'ar Birtaniya. Daga cike fom zuwa jin sakamako ana ɗaukar watanni da yawa.

Da na tambayi yaron nan, sai ya ce fom ne na Google ya cike, aka nemi sunansa, lambar waya, jiha da kwas ɗin da yake so. Ba a nemi sakamakon digirinsa ba. Kwana biyar bayan haka wasiƙa ta zo. Na ce masa ya yi tunani: jami'ar da ba ta ga takardar sakamakonsa ba, da me ta auna shi har ta zaɓe shi? Ya yi shiru. Wannan tambaya kaɗai ta isa ta warware mafi yawan abin da ake kawo mini, amma ban tsaya nan ba, don zuciyar da ta riga ta kwanta da abu ba ta saki sai ta gani da ido.

Mataki na 2: Nemo shafin da kanka, ka karanta adireshi

Rubuta a littafinka sunan tallafin, sunan jami'ar, sunan kwas, da sunan wanda ya sa hannu. Sannan ka rufe saƙon. Kada ka danna mahaɗar da ke ciki, kada ka kira lambar da ke jikin wasiƙar. Buɗe sabon shafi ka nemo hukumar da kanka. Ka tsallake sakamakon farko-farko masu alamar talla, don kowa na iya biya a sa shi a sama.

Ga adireshin wasu da ake yawan yin sojan gona da sunansu: chevening.org, cscuk.fcdo.gov.uk na Commonwealth, daad.de na Jamus, turkiyeburslari.gov.tr, stipendiumhungaricum.hu, da ptdf.gov.ng. Jami'o'in Birtaniya kusan dukkansu adireshinsu na ƙarewa da .ac.uk, na Amurka da .edu, na Saudiyya da .edu.sa. Harkar biza kuwa tana gov.uk, canada.ca da travel.state.gov.

Akwai dabarar karanta adireshi da mutane da yawa ba su sani ba. Nemo alamar / ta farko bayan sunan shafin, ka karanta abin da ke dab da ita ta hagu. Nan ne mai shafin yake. Dubi waɗannan biyun:

```
apply.sunanjamia.ac.uk/form
sunanjamia.ac.uk.apply-portal.com/form
```

Na sama na jami'a ne. Na ƙasa kuwa mallakar duk wanda ya sayi apply-portal.com ne, ya liƙa sunan jami'ar a gaba don ido ya ruɗu. Haka ma imel: abin da ke bayan alamar @ shi za ka duba. Danna sunan mai aikowa don cikakken adireshin ya fito. Jami'a ba ta aiko da wasiƙar gurbi daga Gmail ko Yahoo. Wasiƙar yaron nan ta zo ne daga adireshin da ke da sunan jami'ar, amma ƙarshensa .org ne, an kuma ƙara masa wata kalma a tsakiya.

Idan kana shakkar wani shafi, shiga lookup.icann.org ka rubuta adireshinsa. Ga adireshi irin su .com da .org zai nuna maka ranar da aka yi masa rajista. Na wannan wasiƙar bai cika wata biyu ba, alhali jami'ar da ake magana ta girmi kakanninmu. Gargaɗi ɗaya a nan: alamar kwaɗo da ke gefen adireshi ba shaidar gaskiya ba ce, kowa na iya samun ta kyauta. Kuma ana iya ƙirƙirar imel ya yi kamar daga adireshi na gaskiya ya fito, don haka kyan adireshi kaɗai bai wadatar ba, sai ka haɗa da mataki na huɗu.

Mataki na 3: Duba rajistar gwamnati

Ba kowace makaranta ke da izinin ɗaukar ɗalibin waje ba. A Birtaniya, shiga gov.uk ka nemi Register of licensed sponsors: students. Makarantar da ba ta cikin jerin ba za ta iya ba ka lambar CAS ba, wato lambar da ke tabbatar da cewa ta ɗauke ka karatu, ba kuwa a samun bizar ɗalibi sai da ita. A Kanada ana kiran jerin Designated learning institutions list, yana canada.ca, kowace makaranta da lambarta. Ga sauran ƙasashe, whed.net na Ƙungiyar Jami'o'i ta Duniya zai nuna maka ko jami'ar sananniya ce a ƙasarta.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya ga sunan jami'ar a cikin rajista sai hankalinsa ya kwanta. Abin da rajistar ta tabbatar shi ne jami'ar tana nan. Ba ta tabbatar da cewa ita ta rubuta maka ba. 'Yan damfara sun fi son amfani da sunan makaranta ta gaskiya saboda sun san za ka duba.

Ka kuma duba ta wace ƙofa ake shiga tallafin daga ƙasarku. Wasu ba a neman su kai tsaye kawai. Stipendium Hungaricum yana buƙatar hukumar ƙasarka ta gabatar da kai, haka ma wani ɓangare na Commonwealth, wanda a Najeriya Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ce ke gabatar da masu nemansa. A Nijar hukumar ANAB ce ke kula da guraben da ke zuwa ta hannun gwamnati. Ka duba lokaci ma. Türkiye Bursları yakan buɗe daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Wanda ya zo maka da fom ɗinsa a watan Yuli yana cewa saura kwana biyu a rufe, kalanda kaɗai ta ƙaryata shi.

Mataki na 4: Tambayi jami'ar kai tsaye

Wannan ne matakin da ya fi kowane ƙarfi, kuma shi mutane suka fi jin nauyin yi. A shafin jami'ar da ka nemo da kanka, nemi adireshin ofishin ɗaukar ɗalibai ko na ɗaliban ƙasashen waje. Rubuta musu gajeren saƙo: cikakken sunanka kamar yadda yake a fasfo, ranar haihuwa, lambar da ke jikin wasiƙar, sannan ka haɗa da wasiƙar. Yi tambaya uku: wannan wasiƙar daga gare ku take? Akwai wannan tallafin? Wannan mutum ko kamfanin wakilinku ne? Ba sai Turancin ya yi kyau ba, ma'aikatan sun saba da irin wannan saƙo.

Amsa takan ɗauki kwana biyu zuwa mako guda, wani lokaci fiye. A nan ne dillali zai matsa maka, ya ce gurbi zai wuce, akwai mutum goma a layi. Wani ma zai ce kada ka tuntuɓi jami'ar don za ka ɓata aikin, wai ta bayan fage aka samo. Duk wanda ya hana ka tambaya ya riga ya ba ka amsa. Jami'ar da ta ba ka gurbi da gaske ba za ta ƙwace shi don ka nemi tabbaci ba.

Mun aika saƙon ranar Litinin. Ranar Alhamis amsa ta zo cewa ba su da ɗalibi mai wannan lamba, kuma babu tallafi mai wannan suna a wurinsu. Wa'adin kwana ukun ya riga ya wuce a lokacin, sai ga dillalin ya kira yana cewa ya roƙar masa ƙarin mako guda, har an rage masa naira 50,000.

Idan amsar imel ta yi jinkiri, akwai wata hanya. Jami'o'in da ke ɗaukar ɗaliban waje galibi suna da shafin da mai nema ke shiga da sunansa da kalmar sirrinsa ya ga matsayin takardunsa. Idan dillali ne ya nema maka, ka ce ya ba ka bayanan shiga, ka shiga ta adireshin jami'ar da ka nemo, ka ga wasiƙar a can da idonka. Hoton allo da ya turo maka ba hujja ba ne. Jami'o'i da yawa kuma suna wallafa sunayen wakilansu na kowace ƙasa a shafinsu, sai ka duba ko yana ciki.

Mataki na 5: Bi sawun kuɗin

Ɗauki kowane kuɗi da aka ambata maka, ka rubuta shi a layinsa, ka yi masa tambayoyi huɗu. Meye sunansa? Nawa ne? Asusun wa zai shiga? A wane shafi na hukuma aka rubuta shi?

Ga ma'auni daga abin da aka riƙa biya a 2025. Bizar ɗalibi ta Birtaniya fam 524 ce, sai kuɗin kiwon lafiya fam 776 a kowace shekara, kuma duka biyun ana biyan su ne a cikin fom ɗin da ke gov.uk. Izinin karatu na Kanada dalar Kanada 150 ne, ɗaukar zanen yatsu da hoto 85. Bizar karatu ta Jamus yuro 75 ce. A Amurka akwai kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje, dala 350 da kuɗin biza dala 185. Waɗannan adadi suna canzawa, don haka ka duba na ranar da za ka biya. Abin da ba ya canzawa shi ne kowannensu yana da suna, yana da adadi tsayayye, kuma a fili yake ga kowa.

Kwatanta wannan da abin da aka rubuta wa yaron nan: kuɗin tabbatar da gurbi, kuɗin sarrafa biza, kuɗin inshorar tafiya, duk a dunƙule naira 380,000, a tura wani asusun bankin waya mai sunan mutum ɗaya. Babu jami'a ko ofishin jakadancin da ke karɓar kuɗi ta asusun mutum, ko ta mai POS, ko katin kyauta, ko kuɗin kirifto. Idan aka ce maka "akantanmu ne", ka san ba haka hukuma ke aiki ba.

Kula da yadda kuɗin ke hawa kamar tsani. Ana farawa da kaɗan wanda ba zai sa ka shawarci kowa ba. Da ka biya, sai a taya ka murna, a kawo na biyu. Bayan shi sai matsala ta ɓullo: takarda ta maƙale, ana buƙatar hatimi, sai an biya haraji kafin a saki alawus. A kowane hawa abin da ka riga ka zuba shi ke tura ka gaba, kana jin idan ka tsaya na baya ya tafi a banza. Yaron nan da kansa ya ce mini, "To Yaya, dubu ashirin da biyar ɗin fa?" Na ce masa ta riga ta tafi tun ranar da ya tura, shanun Hajiya ne ba su tafi ba.

Akwai wuri ɗaya da ke rikita mutane, wato kuɗin ajiya na makaranta. Jami'o'in Birtaniya da yawa suna neman ɗalibin da ke biya wa kansa ya fara ba da wani kaso na kuɗin makaranta kafin su fitar masa da CAS. Wannan gaskiya ne. Amma ana biya ne ta hanyar da jami'ar ta bayyana a shafinta, da lambar ɗalibinka, kuma kuɗin zai bayyana a asusunka na ɗalibi. Kada ka ba dillali ya biya maka, ko da ya ce zai samo maka canji mai sauƙi. Sannan idan an ce tallafin cikakke ne, ka tambayi dalilin da zai sa a nemi ajiya daga gare ka. Chevening ma shi ke biya wa wanda ya zaɓa kuɗin biza da tikitin jirgi.

Mataki na 6: Duba ko abubuwa na tafiya bisa tsari

Biza tana da jeri, kuma ba a tsallake shi. A Birtaniya: jami'a ta ba ka gurbi, ta fitar da CAS, ka yi gwajin tarin fuka a asibitin da gwamnatinsu ta amince da shi idan ƙasarka na cikin waɗanda ake nema wa, kamar Najeriya, ka cike fom a gov.uk, ka biya, sannan ka je da ƙafarka cibiyar karɓar takardu a ɗauki zanen yatsunka da hotonka. Hukuncin ƙarshe na jami'an gwamnatin ne. Ita kanta cibiyar karɓar takardun ba ta da ta cewa, balle dillali. Wanda ya ce zai kawo maka biza kana zaune a gida, ko ya ce tabbas ne ɗari bisa ɗari, ko yana da mutum a ciki, abin da ba shi da shi yake sayar maka.

A nan zan ja kunne sosai a kan takardun bogi, don ɓarnarsu ta fi asarar kuɗi. Wasu dillalai sukan ce za su haɗa maka bayanan banki ko takardar aiki. Idan aka kama, kai ne mai laifi, don sunanka ne a fom. Birtaniya na iya hana ka shiga har shekara 10, Kanada shekara 5. A 2023 ɗalibai 'yan Indiya da dama sun fuskanci kora daga Kanada bayan an gano wasiƙun gurbin da dillali ya nema musu biza da su na jabu ne, wasunsu sun riga sun yi shekaru a ƙasar. Tun daga Disamban 2023 hukumar shige da fice ta Kanada take tabbatar da kowace wasiƙar gurbi kai tsaye daga makaranta. Saboda haka duk fom ɗin da za a tura da sunanka, ka karanta shi daga farko har ƙarshe, kuma imel ɗin da ke ciki ya zama naka.

Mataki na 7: Idan bizar aiki ce

Hanyar binciken ɗaya ce, sunayen takardun ne suka bambanta. A Birtaniya kamfani ne ke ba ma'aikaci CoS, wato takardar shaidar cewa ya ɗauki nauyinsa, kuma dole kamfanin ya kasance cikin Register of licensed sponsors: workers. Kamfanin ne ke biyan kuɗinta, kuma daga ƙarshen Disamban 2024 an haramta masa ɗora wa ma'aikaci. Aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, wanda aka fi damfarar mutanenmu da shi, an rufe ɗaukar sababbin ma'aikatansa daga ƙasashen waje tun 22 ga Yulin 2025. A Kanada takardar LMIA, wato ta amincewa a ɗauko ma'aikaci daga waje, mai ɗaukar aiki ne ke nema, shi ke biyan dalar Kanada 1,000, kuma doka ta hana ya karɓa daga hannunka. Mai ba da shawara kan shige da ficen Kanada da ke karɓar kuɗi, in ba lauya ba ne, dole ya kasance cikin rajistar da ke college-ic.ca.

Ka nemo lambar kamfanin da kanka, ka tambayi sashen ma'aikatansu ko sun san da kai. Ka kuma tuna ko an yi maka ganawa ta gaske a kan aikin da ka iya. Albashi mai tsoka ba tare da an tambayi sana'arka ba, wannan tarko ne.

Ga masu zuwa ƙasashen Larabawa aikin gida ko tuƙi, ku kula da nau'in bizar. Bizar ziyara ko ta Umara ba ta aiki ba ce. Wanda aka kai shi da ita aka ce za a juya masa a can, yakan ƙare ne yana ɓuya. Ka ga kwantiragi a rubuce, da sunan mai ɗaukarka, albashi da wa'adi, a harshen da kake fahimta ko a fassara maka. A Najeriya kamfanin da ke kai ma'aikata waje sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Takardar CAC da ake maƙalawa a bangon ofis tana nuna an yi wa suna rajista ne kawai, ba izinin wannan aiki ba ce. Idan aka ce za a kai ka kyauta ka biya daga albashi, kuma za a riƙe fasfonka, ka sanar da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, musamman idan yarinya ce ake shirin tafiya da ita.

Cacar bizar Amurka ma ana cin mutane da ita. Haifaffun Najeriya sun yi shekaru ba sa cikin waɗanda aka yarda su shiga. Waɗanda ƙasarsu ke ciki kuwa, ba a sanar da su nasara ta imel ko WhatsApp. Mutum ne ke duba da kansa a dvprogram.state.gov da lambar da ya samu ranar da ya cike fom.

Idan ka riga ka biya

Dakatar da duk wani biya, komai daɗin bakin da za a yi maka. Je bankinka a ranar, kada ka bari sai gobe, ka shigar da koke a rubuce da rasit da lambar asusun da kuɗin ya shiga, ka roƙi su tuntuɓi ɗaya bankin. Irin wannan kuɗi ba ya daɗewa a asusu, don haka awanni na da tasiri. Daga nan ka kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC da hotunan hirar da ka adana. Idan ka ba su kalmar sirrin imel ɗinka ka canza ta. Idan ka ba su lambar katin banki ko lambar sirrin da banki ke turowa ta waya, a rufe katin nan take. Ka aika wa jami'ar da aka yi amfani da sunanta kwafin wasiƙar. Sannan ka yi hattara da wanda zai kira ka daga baya ya ce zai ƙwato maka kuɗinka idan ka ba da wani abu, sau da yawa su ɗin ne suka dawo da wata lamba.

Kada kunya ta sa ka ɓoye. A rukunin WhatsApp ɗin da aka sa yaron nan akwai mutane da yawa, wasu suna turo godiya da hoton biza, kuma babu yadda za a yi ka san nawa ne daga cikinsu 'yan kore. Da amsar jami'ar ta zo, ya tura ta cikin rukunin. Ba a yi minti goma ba aka cire shi, amma kafin nan mutum biyu sun riga sun ɗauki lambarsa, ɗayansu a ranar yake shirin tura kuɗin.

Naira 25,000 ɗinsa ba ta dawo ba. Hajiya ta mayar da shanunta garke. A watan Janairun da ya biyo baya muka zauna a shagon intanet na bakin kasuwa, ya buɗe turkiyeburslari.gov.tr da hannunsa, ya loda sakamakon digirinsa, muka kwashe yammaci biyu muna gyara bayanin dalilin da ya sa yake son kwas ɗin. Abin da ya kashe shi ne kuɗin zama a kan kwamfuta da na sikanin ɗin takardu.